Inuwar da Ake Mantawa Wajen Auna La'asar

Da yawanmu mun taso da wata ƙa'ida da muka ji tun muna makarantar allo, cewa idan inuwar mutum ta yi daidai da tsayinsa, to la'asar ta shiga. Maganar tana da asali, sai dai rabinta ne ya iso kunnenmu. A birnin Kano, sau biyu kacal a shekara take zama daidai yadda ake faɗarta. A sauran kwanakin kuwa, wanda ya bi ta ido rufe zai riga lokaci. Ranar 21 ga Disamba, alal misali, inuwar mutum a Kano tana kai tsayinsa wajen ƙarfe 2:17 na rana, alhali la'asar ba za ta shiga ba sai wajen ƙarfe 3:41. Tazarar ta kusa awa ɗaya da rabi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ibadar da shigar lokaci yake cikin sharuɗɗanta.

Rabin da ya ɓace a hanya shi ne inuwar zawali, wato ragowar inuwar da abu yake da ita a daidai lokacin da rana ta kai ƙololuwarta. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu ba su manta da ita ba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, ta bayyana cewa sai an ajiye inuwar tsakar rana gefe sannan a fara ƙirga tsayin abu. Domin a ga dalilin haka da ido, sanda ɗaya da fili mai rana sun wadatar.

Abin da inuwa take faɗa game da rana

A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a tsaye cak. Hasken da ya gogi kan sandar yana sauka ƙasa a daidai inda inuwa ta ƙare. Da za a ja zare daga kan sanda zuwa bakin inuwa, zaren zai tsaya kamar tsanin da aka jingina a bango, kuma karkatarsa ita ce ɗagawar rana daga ƙasa. Masu lissafi suna auna wannan ɗagawa da digiri. Ranar da take gab da fitowa ko faɗuwa tana kan digiri sifili, wadda take saitin tsakar ka tana kan digiri 90, komai kuma yana tsakanin waɗannan biyu.

Tsawon sandar ba shi ne abin lura ba. Abin lura shi ne sau nawa inuwa ta ninka sandar, ko kashi nawa ta kai na tsawonta. Idan inuwa ta yi daidai da sanda, rana tana kan digiri 45, ko sandar allura ce ko hasumiyar masallaci. Idan inuwa rabin sanda ce, rana ta hau kusan digiri 63. Idan ta ninka sanda sau biyu, rana ta sauko kusan digiri 27. Wanda ya riƙe waɗannan uku a kansa zai iya ƙiyasta sauran ba tare da takarda ba. Wanda kuma yake son adadi tsaf, kalkuletar wayarsa za ta ba shi: ya raba tsawon sanda da tsawon inuwa, ya danna tan⁻¹ a kan abin da ya fito. Sai dai ya duba cewa kalkuletar tana kan DEG, domin in tana kan RAD za ta ba shi 0.785 a inda ya kamata ya ga 45.

Akwai wani hali na inuwa da ya kamata a sani tun da wuri. Ba ta tafiya da sauri iri ɗaya. Idan rana tana sama, sai ta sauka digiri masu yawa inuwa ba ta ƙaru da wani abin kirki ba. Idan ta yi ƙasa, ɗan motsi kaɗan sai inuwa ta zabura. A digiri 10 inuwa ta haura ninki biyar da rabi na sanda, a digiri 5 ta wuce ninki goma sha ɗaya. Shi ya sa inuwa ta fi amfani a tsakiyar yini da yammacin fari, kuma salloli biyu da aka ɗaura wa inuwa, azahar da la'asar, a nan suka faɗo.

Neman zawali

Tun daga hantsi inuwa take raguwa tana juyowa daga yamma. Takan kai wani matsayi da ba ta ƙara raguwa, daga nan ta soma ƙaruwa ta ɓangaren gabas. Wannan juyi shi ne zawali, da shi azahar take shiga. A baki abu ne mai sauƙi: a jira inuwa ta kai iyakar gajartarta. A aikace kuwa nan ne mai sanda yake shan wahala.

A Kano ranar 21 ga Disamba, minti goma bayan zawali, inuwar sanda mai mita ɗaya ta ƙaru ne da milimita biyu kawai. Bayan rabin awa, santimita biyu. Ga shi bakin inuwar kansa ba kaifi gare shi ba. Rana ba ɗigo ba ce, tana da faɗin kusan rabin digiri a sama, saboda haka ƙarshen inuwa yakan yi dishi-dishi na fiye da santimita ɗaya. Mai zuba wa tsawon inuwa ido don ya kama zawali zai iya kuskure da minti ashirin bai sani ba.

Magabata sun san wannan matsala, kuma sun yi mata dabara. Albiruni, wanda ya rubuta littafi sukutum a kan inuwa wajen shekarar 1021, ya yi bayanin hanyar da aka sani da da'irar Indiya. Ga yadda take. A ɗaura zare a gindin sanda a zana da'ira a ƙasa, a ce nisan mita ɗaya daga gindin. Da safe inuwa tana da tsawo, bakinta yana wajen da'ira. Lokacin da ta ragu har bakinta ya taɓa zanen, a kafa ƙusa a wurin, a kuma duba agogo. Bayan rana ta karkata, inuwa za ta sake tsawo har bakinta ya taɓa zanen ta ɗaya ɓangaren. A kafa ƙusa ta biyu, a sake duba agogo. Sai a ja zare tsakanin ƙusoshin biyu, a nemi tsakiyarsa, a ja layi daga gindin sanda ya bi ta wannan tsakiya. Layin nan shi ne kudu da arewa na haƙiƙa, kuma ba ya canzawa muddin ba a motsa sandar ba.

A ranar da muke misali da ita, bakin inuwa zai taɓa da'irar wajen ƙarfe 10:31 na safe, ya sake taɓa ta wajen 2:17. Tsakiyar lokutan biyu ita ce 12:24, zawalin wannan rana ke nan. Daga ranar da aka ja layin kuma an huta da jira. Duk ranar da inuwa ta hau kan layi rana ta kai tsaka, da ta tsallaka gabashinsa zawali ya yi. Abin da ya sa wannan ya fi aunin tsawo shi ne, a lokacin da inuwa ta ƙi ƙaruwa, bakinta yana tafiya a kaikaice da saurin kusan rabin santimita kowane minti. A minti goma ya yi santimita biyar, abin da kowane ido zai gani.

Wani zai tambaya, me ya kai tsakar rana 12:24 maimakon sha biyu daidai? Agogon Najeriya da Nijar da Cadi an saita shi ne a kan layin digiri 15 gabas, wanda ya ratsa ta wajen Njamena. Kano tana kan kusan digiri 8 da rabi, kuma rana tana ɗaukar minti huɗu kafin ta ƙetare kowane digiri, don haka sai bayan minti 26 take isowa saitin Kano. A kan wannan kuma akwai wani ɗan gaba da baya na shekara-shekara, saboda hanyar da duniya take bi wajen kewaya rana ba da'ira ce cikakkiya ba, ga kuma karkatar da duniyar take da ita. Shi ya sa zawalin Kano yakan zo da wuri har wajen 12:10 a farkon Nuwamba, ya yi jinkiri har wajen 12:40 a tsakiyar Fabrairu. Ladanin da ya riƙe lokaci ɗaya duk shekara yana faɗa da rabin awa guda. Haka nan jadawalin gari ba ya aiki a wani gari mai nisa ta gabas ko yamma. Maiduguri tana riga Kano da kusan minti 18, Sakkwato tana bayanta da kusan minti 13, duk da agogonsu ɗaya ne.

Auna la'asar

Da inuwa ta hau layin kudu da arewa, a ɗauki tef a auna ta. Wannan ita ce inuwar zawali. Ranar 21 ga Disamba rana tana can kudu, saitin digiri 23.4 kudu da layin Ikwaita, Kano kuma tana digiri 12 arewa da shi. Tazarar ta zama digiri 35.4, ma'ana ko da tsakar rana, rana ba ta wuce digiri 54.6 a samaniyar Kano ba. Tef zai nuna santimita 71, inuwar tana fuskantar arewa.

A wurin Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya, zaɓaɓɓen lokacin azahar yana ƙarewa, la'asar ta shiga, idan inuwa ta ƙaru da tsawon abu a kan inuwar zawali. Sandarmu santimita 100 ce, a haɗa da 71, an samu 171. A sake ɗaura zare a gindin sanda, a zana baka mai nisan santimita 171 ta ɓangaren gabas, a koma inuwar bishiya a jira. Sa'ad da bakin inuwa ya taɓa bakan, la'asar ta yi, agogo kuma zai nuna wajen 3:41. In aka raba 100 da 171 aka danna tan⁻¹, za a ga rana tana kan digiri 30 da ɗan ɗoriya.

Nan ne ake gane girman abin da ake mantawa. La'asar ba ta da digiri guda da aka yanke mata. A wannan rana ta Disamba tana shiga ne a digiri 30. A ranar da babu inuwar zawali sam, tana shiga a digiri 45. Da an ce kullum sai inuwa ta yi daidai da tsayi kawai, da a wasu ƙasashe lokacin azahar ya ɓace gaba ɗaya a tsakiyar hunturu. A Ƙairawan, garin mai Risala a ƙasar Tunisiya, inuwar tsakar rana ta wannan sanda a ranar 21 ga Disamba ta kai wajen santimita 167, kusan tsawon inuwar la'asar a Kano. Tun kafin azahar ta shiga inuwa ta riga ta wuce tsayin mai ita. Ƙara inuwar zawali shi ya sa ƙa'idar take aiki a kowace ƙasa da kowane wata, kuma ni a ganina wannan yana daga cikin mafi kyawun abubuwan da ke babin lokutan salla.

Imam Abu Hanifa yana ganin sai inuwa ta ƙaru da ninki biyu na abu. A sandarmu 271 ke nan, rana tana kan kusan digiri 20, agogo yana nuna wajen 4:30. Tushen ma'aunan biyu yana cikin hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Ibn Abbas, inda Mala'ika Jibrilu ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, limanci kwana biyu a wajen Ka'aba, la'asar ɗin ranar farko inuwa tana daidai da abu, ta rana ta biyu kuma ta ninka shi. Wannan bambanci yana nan a cikin manhajojin salla na waya. Wanda yake Kano ya ga wayarsa tana kiran la'asar kusan minti hamsin bayan masallacin unguwa, ya leƙa saitin manhajar, mai yiwuwa yana kan Hanafi ne maimakon Standard ko Shafi.

Akwai kuma wani ma'auni na uku da malaman Malikiyya suke ambata, wato mustahabbancin masallacin jama'a ya jinkirta azahar har inuwa ta ƙaru da rubu'in tsayi bayan inuwar zawali, domin mutane su samu taruwa. A sanda mai mita ɗaya ƙarin santimita 25 ke nan. Lissafinsa a Kano yana ba da wajen 2:10 a ƙarshen Disamba, wajen 1:58 a ƙarshen Yuni, wajen 1:22 a ƙarshen Afrilu. Duk wanda ya saba da masallatanmu zai lura cewa lokutan nan sun yi kusa da ɗaya da rabi zuwa ƙarfe biyun da masallatai da dama suke tayar da azahar. Abin kiyayewa kawai shi ne kada a ɗauki lokacin tayar da salla a matsayin lokacin shigarta. Matafiyi ko mara lafiya da yake son yin azahar da wuri, tun zawali ƙofa ta buɗe masa.

Wanda ba shi da tef

Manomi a gona da makiyayi a daji ba sa yawo da tef, amma suna tare da jikinsu. Malaman fiƙihu sun ƙiyasta tsayin mutum da tafin ƙafarsa bakwai. Mutum zai cire hula da takalmi, ya tsaya a miƙe ya ba rana baya, ya lura da inda inuwar kansa ta ƙare, ko wani tsakuwa ko tushen ciyawa, sannan ya taka zuwa wurin yana haɗa diddige da yatsu yana ƙirgawa. In ya samu ƙafa bakwai rana tana digiri 45, in goma sha huɗu ne digiri 27, in uku da rabi ne digiri 63.

Da wannan ma'auni, inuwar zawalin Kano a ƙarshen Disamba ƙafa biyar ce cif, la'asar kuma sai ƙafa goma sha biyu. Daga nan takan yi ta raguwa. Wajen 21 ga Janairu ta koma kusan huɗu da rabi, a Fabrairu kusan uku, a Maris ɗaya da rabi. Wajen 21 ga Afrilu sai ta ɓace ɗungurungum. Rana tana wucewa ta saitin tsakar ka, sandar da take tsaye daidai ba ta da inuwa, haske yana sauka har cikin rijiya. A wannan rana ce ƙa'idar da muka taso da ita take cika, ƙafa bakwai ba ƙari, kuma la'asar takan shiga wajen 3:29.

Bayan haka wani abu yakan faru da mai littafin Ƙairawan bai taɓa gani a garinsu ba. Rana tana tsallakawa arewacinmu, inuwar tsakar rana ta juya tana kallon kudu. Takan kai kusan ƙafa ɗaya da rabi a ƙarshen Yuni, santimita 20 a sandarmu, lokacin da la'asar take kaiwa wajen 3:55. Sai ta sake raguwa ta ɓace wajen 21 ga Agusta, ta dawo arewa, ta ci gaba da tsawo har Disamba. Ko kudu ta kalla ko arewa, tsawonta ake ƙarawa, ba a cire ta.

Abubuwa biyu suke fitowa daga wannan. Na farko, jerin ƙafafun nan na garin da aka auna shi ne. A ranar da Kano take da santimita 71, Agadas tana da kusan 85, Legas kuma kusan 58. Jerin da aka tsara don Fas ko Alƙahira, komai darajar littafin da ya zo a cikinsa, ba zai yi wa Katsina ko Damagaram aiki ba. Na biyu, jerin yana bin watannin rana ne. Shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, don haka inuwar zawalin Ramadan na bana ba ita ce ta Ramadan na shekara biyar masu zuwa ba. Wanda ya kafa sanda a gida, ya riƙa sabunta awonsa mako-mako, musamman a Maris da Satumba, lokacin da inuwar zawali take canzawa da kusan santimita biyar a mako.

Inda awo yake karkacewa

A daidai la'asar ta Disamba, inuwar sanda mai mita ɗaya tana ƙaruwa da santimita ɗaya da ɗan ɗoriya kowane minti. Da wannan za a iya fassara kowane kuskuren awo zuwa mintuna. Kuskuren santimita biyar kusan minti huɗu ne. Kuskuren ƙafa ɗaya a ƙirgen taku ya kai minti goma.

Mafi sharrin kurakurai shi ne gangaren ƙasa, domin ido ba ya saurin kama shi. Tsakar gidan da aka yi wa siminti da gangare don ruwan sama ya wuce, in tana sauka da santimita biyar a kowace mita ta ɓangaren gabas, inuwa za ta miƙe ta kai 171 kusan minti tara kafin lokaci. Kafin a zaɓi wuri, a zuba ruwa a ga ko zai kwanta ko zai gudu, ko a aro ma'aunin ruwa na magina. Sai karkatar sanda. A ɗaura ɗan dutse a zare a sake shi daga kan sandar, in zaren ya bi jikinta daga sama har ƙasa to tana tsaye. A gwada ta fuska biyu, domin sanda takan miƙe ta gabas ta karkata ta kudu. A kuma tuna cewa abin da ya fito waje ake aunawa. Sandar mita ɗaya da aka binne santimita goma nata ta zama ta santimita casa'in.

Da'irar ma tana iya tona asirin kuskure. In an yi ta yau an sake yi bayan kwana biyu da da'ira mai wani faɗin daban, ya kamata layukan biyu su hau kan juna. In suka rabu, ko ƙasa ce ba ta daidaita ba ko sanda ta karkace.

Ƙirgen ƙafa kuma ƙiyasi ne. Mutane da yawa tsayinsu ya fi kusa da ƙafa shida da rabi, kuma tun zamanin Albiruni an san ma'aunan biyu. Wanda tsayinsa shida da rabi ne ya ƙara bakwai a kan inuwar zawali, zai yi jinkirin kusan minti biyar, kuma wannan jinkiri yana ɓangaren da ba ya cutarwa. Duk da haka yana da kyau mutum ya taɓa kwanciya a tabarma a yi alama a kansa da diddigensa, ya tashi ya taka ya san nasa adadin.

Sai hazo. A kwanakin da ƙurar hunturu ta yi kauri, bakin inuwa yakan narke har a rasa inda ya tsaya. Akwai dabara: a huda ƙaramin rami a gwangwani ko kwali a manna a kan sanda, a riƙa bin ɗigon hasken da ya ratso maimakon bakin inuwa, a kuma auna tsayi daga ramin zuwa ƙasa. In hazon ya kai ɗigon ma ba ya fita, sai a koma ga lokacin da aka rubuta jiya da shekaranjiya, domin daga yau zuwa gobe bambancin da wuya ya kai minti ɗaya.

Sallolin da inuwa ba ta kai gare su

Magariba da isha da asuba su ma ɗagawar rana ce take yanke su, amma a nan sanda ta gama aikinta. Magariba tana shiga idan ƙwallon rana ya ɓace gaba ɗaya. Masu lissafi suna sa wannan a lokacin da tsakiyar rana ta sauka digiri 0.83 ƙarƙashin gefen sama, domin iskar da ta lulluɓe duniya tana lanƙwasa haske ta ɗaga hoton rana da fiye da rabin digiri, sai kuma rabin faɗin ranar kanta. Ranar da ta nutse cikin hazo ko bayan dutse ko dogon gini ba ta faɗi ba tukuna, kuma mai azumi a watannin ƙura ya fi kowa buƙatar tuna wannan.

Isha tana shiga da ɓacewar jan shafaƙi a yamma, asuba kuma da ketowar alfijir na gaskiya, farin da yake bazuwa a kwance a gabas, ba wanda yake miƙewa sama siriri ya dushe ba. Dukansu hasken rana ne da yake haska iskar sama alhali ranar tana ƙarƙashi. Nawa ne zurfinta a lokacin? Nan hukumomi suka rabu. Ƙungiyar Rabiɗa ta Duniyar Musulmi tana amfani da digiri 18 ga asuba da 17 ga isha. Hukumar safiyo ta Masar tana amfani da 19.5 da 17.5. Jadawalin Ummul Ƙura na Saudiyya yana ɗaukar 18.5 ga asuba, isha kuma ya sa ta minti 90 bayan magariba, a Ramadan minti 120.

A yankinmu rana tana hawa da sauka kusan a miƙe, kowane digiri yana cin minti huɗu ko ɗan fiye. Saboda haka a Kano asubar digiri 18 tana zuwa kusan awa ɗaya da minti goma kafin fitowar rana a watan Maris, ta digiri 19.5 kuma tana riga ta da kusan minti shida. Wayoyi biyu a ɗaki ɗaya da suke saɓawa da minti shida wajen kiran asuba, galibi daga nan ne, kuma ana ganin sunan hanyar lissafin a saitin kowace manhaja. Kwamitin masallacin da yake son tantance wadda ta fi dacewa da garinsa sai ya fita da mutane masu lafiyar ido zuwa bayan gari, nesa da fitilu, a daren da babu farin wata a ƙarshensa kuma babu hazo ko hadari, su rubuta mintin da farin ya bazu, su maimaita a watanni daban-daban, sannan su kwatanta abin da suka rubuta da jadawalin da yake rataye a bangon masallaci.